Yadda za ka amsa wa wanda ya zage ka da gaske ba tare da ka zubar da mutuncinka ba

Sana'ata ɗinki ce, kuma duk tela ya san goman ƙarshe na azumi lokacin shan zagi ne. Wani zagin mu muka jawo wa kanmu da saɓa alkawari, wani kuma haka kawai yake sauka a kanmu. Na yi shekaru ina ramawa, na kuma yi wasu shekarun ina haɗiyewa har abin ya riƙa hana ni barci, kuma duka biyun ba su yi mini rana ba. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne hanyar da na tsaya a kanta daga baya, wadda yawancinta daga maigidan da ya koya mini ɗinki na ɗauko. Zan bi ta da labarin abin da ya same ni a wani jajibirin ƙaramar sallah, don a ga yadda kowane mataki yake aiki idan abin ya zo.

Wani Alhaji ya kawo mini shadda yadi goma, biyar na kaftani da wandonsa, sauran biyar ɗin na 'ya'yansa maza biyu ƙanana, kowanne yadi biyu da rabi. Na yi masa alkawarin ranar 27 ga azumi. Nasa ya kammala, wandunan yaran ma na haɗa su, amma rigunansu suna wajen mai aikin wuya ba su dawo ba. Ya zo sau biyu ana ba shi haƙuri. Zuwa na uku, ranar 29 ga wata bayan la'asar, ya tsaya a bakin shago, ga yarana huɗu a kan keke, ga masu jiran kaya, ga mutanen layi, ya ce: "Kai macuci ne, maƙaryaci. Ɓarawon yadi kawai, ka yanke mini shadda ka sayar shi ya sa kake ta yi mini yawo da hankali. Ba laifinka ba ne, ba ka samu tarbiyya a gidan ubanka ba." A lokacin almakashi na hannuna ina kan teburin yanka.

Da farko, tabbatar ba wasa ba ne

Mu mutane ne masu wasa da baƙar magana. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, taubasai, jika da kaka, duk sukan gaya wa juna maganar da in baƙo ya ji sai ya ce yanzu za a dambace, alhali zumunci ake yi. Saboda haka kalmar da aka furta ba ita ce ma'auni ba. Abokin wasanka zai iya ce maka ɓarawo ku tafa, wani kuma ya ce maka "sannu da ƙoƙari" ka kwana kana jin zafinta.

Abin dubawa shi ne ko akwai wasa tsakaninku tun asali, sannan ka dubi fuskarsa da muryarsa. Mai wasa yana kallonka yana jiran ka rama, domin ramuwar ita ce daɗin abin. Mai zagi da gaske ba ya barin maka ƙofa, jijiyar wuyansa ta tashi, muryarsa tana rawa ko ta yi sanyi ƙalau, kuma yakan juya yana kallon mutanen wurin don su shaida. Mai wasa yana taɓa abin da kowa ya san ba ya yi maka ciwo, mai zagi kuwa yana neman daidai inda gyambon yake: iyayenka, talaucinka, rashin haihuwa, wani abin da ya wuce a rayuwarka. Idan har yanzu kana kokwanto, tambaya ɗaya ta isa, ka yi ta ba da gatse ba: "Wasa kake yi ko da gaske kake?" Wanda wasansa ne ya zarce yakan ja da baya nan take. A wajen Alhaji babu buƙatar tambaya.

Sannan ka kama jikinka kafin ka kama bakinka

Mutane suna cewa a yi haƙuri kamar abu ne da ake yanke shawararsa a zuci kawai, alhali jiki ne yake riga hankali tashi. Da zagin ya shiga kunne, zuciya za ta hau bugawa da sauri, numfashi ya gajarta, baki ya bushe, hannu ya fara rawa, ka ji wani zafi ya taso daga ƙirji zuwa fuska. Jikin yana shirin faɗa ne, kuma duk maganar da ta fito a wannan ɗan lokacin ta faɗa ce, ko da ka yi niyyar ta zama ta sulhu. Don haka aikin farko na jiki ne.

Ajiye duk abin da ke hannunka. Wannan nake fara koya wa duk yaron da aka kawo mini. Almakashi, dutsen guga, wuƙar yanka albasa, taɓarya, sifana, ko da waya ce, a ajiye. Ba sai ka yi niyyar dukan mutum ba, nuna shi kawai da almakashi a hannu kana magana ya isa labarin ya koma "tela ya zaro wa Alhaji makami", kuma shaidu za su rantse sun gani. Ni na ajiye almakashin a kan tebur na tura shi ƙarƙashin yadi.

Bayan haka, in kana tsaye ka zauna. Wannan koyarwar Annabi ce (SAW), cewa wanda fushi ya kama yana tsaye ya zauna, in bai tafi ba ya kishingiɗa. Wanda yake zaune sai ya miƙe kafin ya kai hannu, kuma wannan miƙewar tana ba hankali damar dawowa. Shi ma mai zagin yana rasa abin da yake fuskanta, don da wuya mutum ya daɗe yana hargagi a kan wanda ya zauna ya ɗora hannuwansa a cinya. Sai dai in ka ga alamar zai kai maka duka, to kar ka zauna, ka ja da baya yadda hannunsa ba zai kai gare ka ba, ka kuma san inda ƙofa take.

Ka rufe baki ka ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali, fitarsa ta fi shigarsa tsawo, kamar sau uku ko huɗu. Sakin numfashi a hankali yana rage gudun zuciya. A cikin wannan numfashin ka yi a'uziyya a ranka, in kuma kana azumi ka tuna wa kanka cewa kai mai azumi ne, kamar yadda aka koyar. Amma a'uziyyar taka ce, ba ta ba shi ba ce. A hadisin da aka ruwaito na mutum biyu da suka zagi juna a gaban Annabi (SAW), da aka je aka gaya wa wanda ya fusata ya nemi tsari daga Shaiɗan, cewa ya yi shi ba mahaukaci ba ne. Haka mai fushi yake karɓar wa'azi har yau. Kar ka ce masa "ka ji tsoron Allah", kar ka ce "kwantar da hankalinka", duk fetur ne.

Bar shi ya gama, kai kuma kana tsince maganarsa

Nan ne zuciyar al'amarin. Kar ka katse shi. Mai zagi yana da ɗan abin da ya ƙunso, in ba a ba shi sabon itace ba wutar takan ci kanta cikin ɗan lokaci, sai ka ji ya fara maimaita abin da ya riga ya faɗa. Duk kalmar da ka jefa a tsakiya sabon zance ka buɗe masa.

Amma shirun nan ba na zama kawai ba ne, aiki kake yi a cikinsa. Maigidana yakan ce zagi kamar tsabar da aka kwaso daga masussuka ne, akwai hatsi, akwai tsakuwa, akwai ƙaiƙayi, kuma wanda bai iya tsincewa ba ko dai ya haɗiye duka ko ya watsar da duka. Kusan duk zagin da aka yi da gaske yana ɗauke da abu uku a cakuɗe. Akwai haƙƙi, wato ainihin abin da ya ɓata wa mutumin rai, wanda sau da yawa yana da gaskiya a kai. Akwai sharri, wato wani takamaiman abu da ya ce ka aikata alhali ba ka aikata ba. Sannan akwai tsantsar zagi, wanda ba ya ɗauke da wani bayani, an jefo shi ne don ya yi ciwo kawai.

A maganar Alhaji, haƙƙin shi ne na saɓa alkawari, gobe sallah, yaransa ba su da kaya, kuma na sa shi zuwa sau uku. Wannan gaskiya ne, "maƙaryaci" ɗin ma daga nan ta samo tushe. Sharrin shi ne na yanke masa shadda na sayar. Tsantsar zagin kuma shi ne maganar gidan ubana.

Kowanne da irin amsarsa. Haƙƙi ana amsa shi a biya. Sharri ana musanta shi sau ɗaya, da hujja in akwai. Tsantsar zagi ba a ɗaukarsa ko kaɗan, a nan ƙasa ake barinsa. Kuskuren da yawancinmu muke yi shi ne juya tsarin: abin da ya fi zafi shi muke fara cafkewa, mu ce "uban wa kake zagi?", daga nan maganar kayan sallah ta mutu, an koma maganar iyaye. Wasu kuma saboda tsananin son a zauna lafiya sai su yi ta "yi haƙuri, yi haƙuri" a kan komai, har mutanen wurin su tafi da cewa tela ya amsa laifin satar yadi.

Wannan tsincewar tana da wani amfani na daban. Hankalin da ya shagala da tambayar "mene ne gaskiya a cikin abin da yake faɗa?" ba ya samun sararin ƙera baƙar maganar ramuwa. Ka ba shi aikin yi ne.

Game da zagin iyaye, na san shi ne mafi wuyar bari, kuma ba na raina zafinsa. Mahaifina ya rasu kafin wannan ranar, maganar ta soke ni sosai. Abin da yake riƙe ni shi ne hadisin da ya nuna cewa mutum yakan zagi iyayensa da kansa, ta hanyar zagin uban wani shi kuma ya zagi nasa. In na rama, zai ƙara, kuma wannan ƙarin ni na saya wa mahaifina. Ya ce ban samu tarbiyya ba, a gaban mutane kusan goma. Abin da zan yi a minti biyu masu zuwa shi ne zai gaskata shi ko ya ƙaryata shi a idonsu.

Yadda ake furta amsar

Ka jira sai ya yi shiru ko ya fara maimaici. Ka yi magana ƙasa da muryarsa, a hankali, yadda sai ya saurara kafin ya ji. Ka kira shi da sunan girmamawar da ka saba kiransa da shi kafin yau, Alhaji, Hajiya, Malam, Yaya, Baba, kar ka sauke shi zuwa "kai malam" ko "ke baiwar Allah", domin sauke sunan ma ramuwa ce. Ga abin da na ce, kusan kalma da kalma:

"Alhaji, na yi maka alkawarin ranar 27 ban cika ba, na sa ka zuwa har sau uku. Wannan laifina ne, ka yi haƙuri. Rigunan yaran suna wajen mai aikin wuya, zan kawo maka su gida da kaina kafin ƙarfe 11 na daren nan."

Na ɗan tsaya, sannan na ce:

"Maganar yadi kuwa, ban taɓa maka shadda ba. Ga naka, ga wandunan yaran, ga ƙyallayen da suka rage a leda. In rigunan sun zo, ka kai wa duk telan da ka yarda da shi ya auna."

Maganar mahaifina ban ce komai a kanta ba a lokacin.

Ka lura da abubuwa kaɗan. Na fara da laifina, kuma ban liƙa masa "amma" ba. Da na ce "na saɓa alkawari amma ai wuta ce ba a kawowa, kuma mai aikin wuya ne ya riƙe", da ban haƙurin ya tashi a banza, don shi ni ya ba wa kaya, ba mai aikin wuya ba. Na kuma ba da lokacin da na tabbata zan iya cikawa. An ce mini rigunan za su fito bayan isha'i, sai na ƙara wa kaina tazara. Sabon alkawarin da za ka sake saɓawa ya fi zagin farko muni. Musun sharrin kuma sau ɗaya na yi shi. Ya sake cewa "ƙarya kake", ban sake musantawa ba, ban kuma shiga rantse-rantse ba. Wanda ya yi ta maimaita "wallahi ban sata ba" sau biyar ya fi kama da mai laifi a idon masu kallo fiye da wanda ya faɗa sau ɗaya ya nuna leda.

In kuwa ka tsince maganar ka tarar babu haƙƙi a ciki sam, to kar ka ƙirƙiro laifin da ba ka yi ba don a zauna lafiya. Ka ce "na ji abin da ka faɗa, ba haka ba ne", ko "na ga ranka a ɓace yake, me na yi maka?" Wani lokaci wannan tambayar takan fito da wani tsohon abu da ba ka ma san yana riƙe da shi ba.

Akwai abubuwan da suke kama da natsuwa alhali ramuwa ce a ɓoye, kuma mai zagin yana gane su sarai. Murmushi ko 'yar dariya, tsaki, kallon sama da ƙasa, ci gaba da taka keke kamar ba da kai ake ba, "na gode" da aka ja ta da gatse, "ni na fi ƙarfin in tsaya cacar baki da kai", da juyawa ga na kusa ana habaici. "Allah ya isa" ma a wannan wurin takan ƙara hura wutar. Wanda aka zalunta yana da ikon kai kukansa ga Allah, amma ba sai a fuskar mutumin yana tsakiyar huci ba. Hanyar gane ko amsarka ta natsuwa ce mai sauƙi ce: in kana jiran ka ga ta soke shi, ramuwa ce.

Ja masa iyaka, kuma ka kula da 'yan kallo

Natsuwa ba ta nufin ka zauna a yi ta sauke maka har magariba. In ka amsa haƙƙin, ka musanta sharrin, ya ci gaba, sai ka faɗi iyakarka a jimla ɗaya. Da Alhaji ya koma kan mahaifina karo na biyu, na ce: "Alhaji, maganar kaya tsakanina da kai ce, zan tsaya a kanta har ta ƙare. Mahaifina ba ya ciki, ina roƙonka ka bar shi." Ya ƙara wata maganar, sai na ce "sai na zo da dare", na tashi na shiga cikin shago wajen guga. Iyakar da ka faɗa dole ka bi ta da aiki. In ka ce ba za ka ci gaba da magana ba, sannan ka tsaya kana ci gaba, ka koya masa cewa maganarka ba ta da nauyi. Ka tafi da tafiyarka ta kullum, ba bugun ƙofa, ba waiwaye da kalmar ƙarshe.

'Yan kallo kuwa sun fi mai zagin haɗari a wasu lokutan. Babban yarona ya miƙe daga kan keke yana cewa "Oga, wallahi ba za mu yarda ba." Na ɗaga masa hannu na ce ya zauna ya ƙarasa aljihun da yake yi. Da na bar shi ya yi magana, duk abin da na gina ya rushe, kuma laifin a kaina zai dawo. Haka masu zuga, waɗanda za su matso bayan an watse su ce "kai yanzu ka yarda ya gaya maka haka?" Ba su za su kwana a ofishin 'yan sanda ba. Wanda kake buƙata a wurin shi ne dattijon da mai zagin zai ji kunyarsa. Mu a layinmu wani tsoho mai sayar da zare da maɓalli ne ya taso ya kama hannun Alhaji ya ce "Haba Alhaji, da azumi a bakinka, zo mu je", ya raka shi har mota. In ka hango irin wannan mutumin, kallo ɗaya ya isa ka gayyato shi.

Bayan an watse

Fushin da ka danne bai tafi ba, zai dawo bayan ɗan lokaci, kuma yakan sauka a kan wanda ba shi da laifi: yaron shago, matarka, ɗanka. Ka san da zuwansa. Ka yi alwala, ka ɗan taka zuwa ƙarshen layi ka dawo, in ba azumi kake ba ka sha ruwa. Kar ka ɗauki waya a wannan lokacin. Saƙon murya da aka tura cikin fushi ba ya dawowa, magana zarar bunu ce, ta waya kuma har ajiye ta ake yi a tura wa wasu. Ka gaya wa mutum ɗaya mai hankali abin da ya faru don ka sauke nauyin, ba majalisa guda ba. Duk maimaita labarin sabon zagi ne kake yi wa kanka, kuma kowane mai ji zai ƙara masa gishiri kafin ya koma kunnen mutumin.

Sannan ka cika abin da ka ɗauka. Na kai kayan ƙarfe 10 da 'yan mintuna, da ledar ƙyallayen. Ɗansa ne ya fito ya karɓa, ban nemi ganin Alhaji ba, don daren bai dace da maganar ba.

Ko za ka sake tayar da zancen daga baya ya danganta da wanda ya zage ka. Wanda kuka haɗu a hanya ko a layin mai ba za ku sake haɗuwa ba, bar shi ya tafi da abinsa. Amma ɗan'uwa, maƙwabci, abokin aiki, miji ko mata, wanda za ku ci gaba da ganin juna, shiru na har abada yakan zama ƙulli. Ka bari kwana ɗaya ko biyu su wuce, kar ka bari ta zama gaba, tunda an hana ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku. Ka same shi shi kaɗai, ka faɗi kalmar da ya furta daidai yadda ya furta ta, ba tare da ka yi masa fassarar halinsa ba: "Yaya, shekaranjiya ka ce mini kaza a gaban yara. Abin ya yi mini ciwo. In na yi laifi ka kira ni gefe ka faɗa mini, zan ji." Kar ka tafi da sharaɗin sai ya ba ka haƙuri. Da yawa daga manyanmu bakinsu ba ya iya furta "yi haƙuri" ga na ƙasa da su, sai dai ka ga an aiko maka da abinci ko an kira ka wata hidima, kuma wannan ɗin shi ne ban haƙurin.

In mahaifi ne ko mahaifiya ko suruki, tsarin bai canza ba sai dai musun sharrin ba a take ake yinsa ba. Ka sunkuyar da kai, ka ce "Allah ya huci zuciyarki, Inna", ka bari sai ta sauko, sannan ka yi bayani ko ka nemi kawu ko gwaggo su yi maka.

Inda wannan hanyar ba ta isa ba

Akwai zagin da ba a tsayawa tsince shi. In an yi maka ihun ɓarawo a tsakiyar kasuwa ko tasha inda ba a san ka ba, ko aka jingina maka maganar da ta shafi taɓa addini, taro yana iya haɗuwa kafin ka gama jimlarka ta farko. Kar ka ruga da gudu, kar kuma ka tsaya gardama. Ka nufi shagon wani dattijo, ofishin shugabannin kasuwa ko wajen jami'an tsaro, kana cewa a je can a bincika. Haka in mutum yana cikin maye, ko ya haɗa zagin da barazana, ko hannunsa yana laluben aljihu, babu amsar da ta fi barin wurin.

Akwai kuma zagin da ya zama abincin kullum, miji ga matarsa, uwar gida ga 'yar aiki, maigida ga yaron shagonsa. Abin da na bayyana na rana ɗaya ne, ba na shekara ba. Wanda ake zagi safe da yamma ba ƙarin haƙuri yake buƙata ba, shigowar wani yake buƙata: waliyyi, iyaye, mai unguwa, limami, shugaban ƙungiyar sana'a. Sharrin da zai iya kashe maka sana'a ko aure shi ma ba a barinsa a ƙasa. Ka riƙe ranar, da kalmomin da aka faɗa, da waɗanda suka ji, in a waya ne kar ka goge. A fara da sulhu a gaban manya, a nemi ya janye maganar a inda ya faɗe ta. In ya ƙi, ɓata suna laifi ne da kotu take saurara, ƙazafin zina kuma haddinsa a shari'a bulala 80 ne ga wanda ya kasa kawo shaidu huɗu. A duk waɗannan wuraren abin da za a fara tambaya shi ne "kai me ka ce masa?", kuma wanda bai rama ba shi ne yake shiga da ƙafar dama.

Abu na ƙarshe, ba a fafe gora ranar tafiya. Jimlolin nan uku, ta amsa laifi, ta musun sharri, da ta jan iyaka, ka tsara naka da bakinka tun yanzu, ka furta su a fili kai kaɗai har su zauna maka, don a ranar da abin zai zo ba za ka samu sararin ƙirƙira ba. Ni duk shekara kafin azumi ya raba tsakiya nakan zaunar da yarana mu bi su tare, in zama mai kaya in yi musu faɗa, su ajiye almakashi su amsa.

Alhaji bai ba ni haƙuri ba, bai kuma sake kawo mini ɗinki ba. Mun haɗu a wata jana'iza bayan wasu watanni, na gaishe shi ya amsa, ya tambayi aiki. Daga waccan sallar na daina karɓar ɗinki bayan 15 ga azumi, kuma duk yadin da aka kawo ina auna shi a gaban mai shi, in rubuta a littafi, ƙyallen da ya rage kuma ya koma masa a leda tare da kayansa.